Lissafin albashin rabin wata a Excel: naira 33,000 ko 45,000?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake haɗa albashi a wani ƙaramin kamfanin buga takardu a Zariya, muna aiki Litinin zuwa Juma'a. Mun ɗauki sabon ma'aikaci ranar Litinin 17 ga Maris 2025 a kan naira 90,000 a wata. Na raba kuɗin gida 30, na ninka da kwana 11 da ya zo aiki, na samu 33,000. Shi kuma ya ce 45,000 ne haƙƙinsa. Wa ke da gaskiya? Kuma wane lissafi zan sa a Excel da zai yi wa mai shiga da mai barin aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, a wannan karon ma'aikacinka ya fi ka kusa da gaskiya. Lambobi biyun da ka haɗa ba jinsi ɗaya ba ne. Talatin ɗin da ka raba da ita ta ƙunshi Asabar da Lahadi, sha ɗayan da ka ninka da ita kuwa ranakun aiki ne zalla. Don ka ga illar, ɗauki wanda bai yi fashi ko sau ɗaya ba a watan Maris ɗin nan, mai ranakun aiki 21. Da lissafinka 63,000 zai karɓa maimakon 90,000. Duk hanyar da ba ta mayar wa mai cikakken wata cikakken albashinsa ba, akwai matsala a cikinta.

Hanyoyi biyu ne suke tsallake wannan gwajin. Ko dai ka ƙirga ranakun kalanda sama da ƙasa: daga 17 zuwa 31 kwana 15 ne cikin 31, wato naira 43,548.39. Ko kuma ka ƙirga ranakun aiki sama da ƙasa: 11 cikin 21, wato naira 47,142.86. Shi nasa 45,000 ɗin daga 15 cikin 30 ya samo shi, kuma raba wa gida 30 a kowane wata yana da tasa cutar. Wanda ya fara aiki ranar Litinin 3 ga Fabrairu 2025 ya yi duk ranakun aikin watan ba saura, amma 26 cikin 30 za ta ba shi 78,000 kawai.

Wacce za ka bi cikin biyun? Fara duba takardar ɗaukar aikinsa da ƙa'idar kamfaninku. In an rubuta hanya a can, ita ce mai hukunci, Excel bi kawai yake yi. In ba a rubuta ba, ni ranakun aiki na fi so ga masu aikin Litinin zuwa Juma'a, don ba ta sa kuɗin mutum ya dogara ga ko ɗaya ga wata ta faɗo a ranar Asabar. Kada kuma a ɗauka kullum ita ce mai ba da kuɗi da yawa. Wanda ya ajiye aiki ranar Laraba 12 ga Maris zai samu 34,285.71 da ranakun aiki, 8 cikin 21, alhali kalanda za ta ba shi 34,838.71. Shi ya sa ake zaɓen ɗaya a rubuta ta, a yi wa kowa da ita, mai shiga da mai fita.

Yanzu ga yadda za ka shirya shafin. Sa albashin wata a A2, ranar fara aiki a B2, ranar aiki ta ƙarshe a C2, wadda za ka bari fayau in mutum yana nan. A H1 ka rubuta ɗaya ga watan da ake biya. Sai ka sa layi na farko a D2, na biyu a E2, na uku a F2:

```
=MAX(B2,$H$1)
=MIN(C2,EOMONTH($H$1,0))
=ROUND(A2*MAX(0,NETWORKDAYS(D2,E2))/NETWORKDAYS($H$1,EOMONTH($H$1,0)),2)
```

D2 tana zaɓar wadda ta fi zuwa daga baya tsakanin ranar fara aiki da farkon wata, don haka tsohon ma'aikaci daga ɗaya ga wata za a ƙirga masa. E2 tana zaɓar wadda ta riga tsakanin ranar tafiya da ƙarshen wata, kuma in C2 babu komai sai ta ɗauki ƙarshen watan. EOMONTH ce ke sanin ko wata 28 ne ko 31, ba sai ka tuna ba. In ka ga 45733 a D2 maimakon kwanan wata, ba kuskure ba ne, haka Excel ke ajiye 17 ga Maris 2025 a cikinsa. Mayar da tsarin gidan zuwa Date. Duk wannan yana aiki a Google Sheets ma, har a waya.

In kalanda kuka zaɓa, wannan ne zai zauna a F2:

```
=ROUND(A2*MAX(0,E2-D2+1)/DAY(EOMONTH($H$1,0)),2)
```

Lura da +1 ɗin nan. 31 a debe 17 sha huɗu ne, amma mutumin ya yi aiki a ranar 17 ɗin kanta. In ka manta da shi, ka zaftare masa naira 2,903. NETWORKDAYS ba ta buƙatarsa, don tana ƙirga ranar farko da ta ƙarshe da kanta. Masu aiki har Asabar kuma su maye gurbinta da NETWORKDAYS.INTL(D2,E2,11) a sama, su yi irin wannan canjin a ƙasa. 11 na nufin Lahadi ce kaɗai hutu, 16 kuma Juma'a kaɗai.

Watan naka yana da wani tarko. Litinin 31 ga Maris 2025 hutun ƙaramar Sallah ne a Najeriya, kuma NETWORKDAYS tana da wurin da ake ba ta jerin ranakun hutu ta cire su. Ga mai albashin wata, shawarata ka bar wurin nan babu komai, tunda hutun gwamnati ba a yanke wa ma'aikaci kuɗinsa. In ka cire ranar a sama kaɗai, ka hana shi kuɗin Sallarsa ke nan. In ka cire ta sama da ƙasa, lissafi ya koma 10 cikin 20, kuɗin ya sauka zuwa 45,000.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan shafi shi ne kwanan watan da Excel bai gane ba, domin ba ya nuna alamar kuskure. Kwamfutoci da yawa a nan suna zuwa da tsarin Amurka, inda wata ke gaba da rana. Ka rubuta 17/03/2025, Excel ya ga babu wata na 17, sai ya ajiye shi a matsayin rubutu. MAX da MIN kuma tsallake rubutu suke yi shiru, sai sabon ma'aikaci ya fito da cikakken 90,000. Wanda ya fi wannan ɓoyuwa shi ne 05/03/2025, da zai koma 3 ga Mayu, albashin mutum ya zama sifili. Kwanan wata na gaske yakan jingina da gefen dama na gidan, rubutu kuma da hagu, amma kada ka dogara da ido. Sa =ISNUMBER(B2) a G2, duk inda ya ce FALSE ka sake rubutawa da =DATE(2025,3,17). Ka yi wa C2 irin wannan binciken ga duk wanda ya tafi. Don kama wanda ya juye, zaɓi tsarin Long Date ka ga sunan watan da idonka.

Kuɗin da ya fito a F2 shi ne albashin watan kafin cire-cire. In kuna cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, a kan abin da aka riga aka rage za ka lissafa shi, ba a kan na cikakken wata ba. Kuma a takardar albashinsa ka rubuta "kwana 11 cikin 21" kusa da kuɗin, don ya iya bin lissafin da kansa a wayarsa.