Baba yana karanta Fatiha, amma ya kasa neman ruwa

Tambaya: Baba ya samu shanyewar ɓarin dama wata guda ke nan. An sallamo mu daga asibitin Shika. Fatiha yana karanta ta tsaf, amma ko ruwa ya kasa nema, sai "to, to" har ya fusata. Wasu sun ce hankalinsa ya gushe. Yaya za mu yi da shi? Daga 'yarsa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Zuwa ga iyalin Baba, Allah ya ba shi lafiya.

Hankalinsa yana nan. Wannan larura likitoci na kiranta afasiya. A yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da harshe, shi ne kuma ke sarrafa ɓarin dama na jiki, shi ya sa shanyewar dama kan zo tare da matsalar magana. Baba ya san abin da yake so, kalmar ce ta ƙi zuwa. Abin da baki ya saba da shi tun yarinta, kamar Fatiha da ƙirga da gaisuwa, yakan fito da kansa ba sai an lalubo shi ba.

Ga misali da karin kumallo. A kashe rediyo, mutum ɗaya ya zauna inda Baba ke ganin fuskarsa. Kada a ce "Baba me za ka sha?", tambayar ta yi masa faɗi. A ɗaga kofi a ce, "Baba, shayi?" Sai a yi shiru kamar daƙiƙa 10. Nan ne aka fi kuskure: wani ya yi caraf ya ƙarasa masa, ko a sake tambayar da wasu kalmomi, sai ya koma farko. Ɗaga murya ma ba ya ƙara komai, ai ba kurma ba ne.

Kada ku dogara da "to" ɗinsa, domin mai afasiya kan ce "i" alhali "a'a" yake nufi. A ajiye shayi da koko gabansa ya nuna da hannun hagu, sannan a tabbatar: "Koko ke nan?" In kalma ta maƙale, a ba shi farkonta, "ru...", sau da yawa sai "ruwa" ta biyo. Rubutu ba lallai ya taimaka ba, larurar kan taɓa karatu da rubutu. Hotunan abinci, banɗaki da buta a kwali ɗaya sun fi.

'Yan dubiya su shiga bibbiyu, su gaishe shi kai tsaye, kada a riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Kuma a daina yi masa jarrabawar "wane ne wannan?", tana ƙona masa rai.

An fi ganin sauƙi a watannin farko, don haka ku nemi likitansa ya tura ku wajen mai gyaran magana tun yanzu. Idan yana ƙwarewa ko tari in ya sha ruwa, ku gaya wa likita da wuri. Idan magana ta ƙara lalacewa farat ɗaya, ko baki ya sake karkacewa, ku kai shi asibiti nan take.