Wata nawa sola ke ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta a shago

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Agege, man janareta yana cin mini kusan naira 70,000 a wata. An yi mini lissafin ƙaramar sola a kan naira 1,300,000. Shekara nawa za ta yi kafin ta mayar da kuɗinta?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Shagona yana Idi-Araba, kuma na koma sola ne bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, saboda haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Kada ka raba kuɗin solar da abin da kake kashewa a kan mai kai tsaye, domin ba dukkan wannan kuɗin ne zai zauna a aljihunka ba. A nan Legas, a watannin Yuni da Yuli, hadari yakan rufe sama kwana biyu ko uku a jere, batir bai cika ba, dole ka tayar da janareta da yamma. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai kuɗin baƙin mai da fulogi da na makaniki da za ka huta da su, waɗanda yawancinmu ba ma rubutawa. Idan aka ƙara wannan aka cire wancan, ni zan ɗauka cewa abin da za ka riƙa tsira da shi naira 60,000 ne a wata. Raba 1,300,000 da 60,000, za ka samu kusan wata 22, wato shekara biyu ba wata biyu.

Sai dai wannan amsar tana tsayawa ne kawai idan batir ya kai wannan lokacin da ransa, kuma a nan ne maganar take. Faifan sola yakan yi shekara ashirin yana aiki, inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita, ita ma idan mai kyau ce tana jimawa, amma batir mai ruwa shekara biyu zuwa huɗu yake yi, gwargwadon yadda aka riƙe shi. A wannan farashin, ina kyautata zaton batir biyu masu ruwa za a ba ka, kowanne bolt 12, amfiya 220. Wutar da suke ɗauka ta ɗan haura wat 5,000 na awa guda, amma rabi kawai ya kamata ka riƙa ja, domin duk batirin da ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa. Ƙwan fitila huɗu da fanka da talabijin da cajin waya ba za su wuce wat 200 ba, a awa goma sun ci 2,000, ka ga akwai sarari, balle ma yawancin wannan aikin da rana ake yinsa, faifan ne ke ɗaukar nauyin.

Ni kuskuren da na yi shi ne na jona firizar lemo da ruwan leda, na bar ta tana aiki har dare. Wanda ya haɗa mini bai gargaɗe ni ba, ni ma ban tambaya ba. Da farko wuta takan kai ni ƙarfe goma, a hankali inbata ta fara kuka tun ƙarfe takwas, ranar da na buɗe murfin batir na haska tocila kuwa na tarar ruwan ya ja baya har ƙarafan ciki sun fito fili. Wata goma sha biyar suka yi, na sake sayen wasu, abin da ya tura lissafina gaba da kusan shekara guda. Yanzu daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma kaɗai firizar ke aiki, kuma duk wata ina duba ruwan batir, in ƙara masa tataccen ruwan da ake sayarwa domin haka, ba na famfo ba.

Abin da ya sa naka lissafin ya yi kyau shi ne man da kake ƙonawa yana da yawa. Ɗauki maƙwabcin da wutar nefa ke wadatar da shi, wanda abin da zai tsira da shi bai wuce naira 22,000 a wata ba. Shi sai ya yi wata 59, amma kafin nan, a wajen wata na 36, batir ya mutu. Idan muka ƙaddara sababbi a kan naira 500,000, lissafin ya koma wata 82, kafin ya kai can kuma wani canjin ya sake riskarsa, sai ka ga ya doshi shekara tara. Irin wannan gara ya sayi ƙaramin saiti na fitila da fanka kawai.

Kafin ka biya, ka rubuta litar da kake saya kullum har tsawon wata guda, domin abin da muke kiyastawa da ka yakan saɓa da na littafi. Ka kuma hau rufin da ƙarfe tara da kuma ƙarfe uku ka duba ko inuwar bene ko tankin ruwa tana faɗawa wurin, domin inuwa a gefen faifai ɗaya tana rage wutar sauran da aka jera tare da shi. Idan rufin ya fita daga inuwa, kuma firiza ba ta kwana a kan batir ba, ka sa ran wata 22 zuwa 26.