Maƙala ɗaya ta shiga Zotero sau uku: yaya zan haɗe su ban rasa komai ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na biyu, sai na tarar maƙaloli da yawa sun shiga Zotero, manhajar da nake adana manazarta a ciki, sau biyu, wasu sau uku. Akwai wadda kwafinta ɗaya ke da PDF ɗin da na yi wa jan layi, na biyu ke da bayanan da na rubuta, na uku kuma shi na kafa hujja da shi a Word. In na haɗe su, me zai ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki haɗe su, kada ki goge ko ɗaya. Idan aka haɗe, Zotero yana kwashe duk abin da ke rataye da kowane kwafi ya mayar ƙarƙashin guda ɗaya: rubuce-rubucen Notes, fayiloli, tag, rukunan da kika jera su a ciki, da alaƙar Related. Abin da ba ya tarawa shi ne bayanan maƙalar kanta, wato take, marubuta, shekara, shafuka da sauransu, domin kowane gurbi abu ɗaya yake ɗauka. A nan ne ake yin asara, kuma a nan za ki sa ido.

Kafin ki taɓa komai, ki ajiye kwafin laburaren, saboda haɗewa ba ta da maɓallin komawa baya. Ki shiga Settings, sai Advanced, ki danna Show Data Directory. Foldar da za ta buɗe tana ɗauke da fayil ɗin zotero.sqlite, inda rubuce-rubuce, tag da jan layinki suke zaune, da foldar storage, inda fayilolin PDF suke. Ki rufe Zotero tukuna, sannan ki kwafe foldar gaba ɗaya zuwa filasha. Kada ki dogara da sync a wannan wurin. Aikinsa shi ne ya sa na'urorinki su zama iri ɗaya, don haka haɗewar da aka yi bisa kuskure ma zai kai ta ko'ina. Idan kuma kin saita saukar da fayiloli a kan as needed, ki buɗe PDF na kowane kwafi sau ɗaya domin ya sauko kan kwamfutar. Zotero ba zai iya kwatanta fayil ɗin da ba ya wurin ba.

A gefen hagu, ƙarƙashin My Library, akwai Duplicate Items. In ba ki gan shi ba, ki danna My Library da maɓallin dama na linzami ki zaɓi Show Duplicates. Zotero yana zargin abu biyu da zama ɗaya ne idan DOI ɗinsu, wato lambar shaidar maƙala, ko ISBN, wato lambar shaidar littafi, ko takensu ya yi daidai. Inda take ne ya zo ɗaya, yana ƙara duba ko tazarar shekarunsu ba ta wuce ɗaya ba, da ko akwai marubuci aƙalla guda da sunansa na ƙarshe da harafin farko na sunansa suka dace. Ma'aunin yana da sassauci, shi ya sa jerin yakan haɗa da abubuwan da ba tagwaye ba: juzu'i na 1 da na 2 na littafi mai take ɗaya, ko babi biyu da aka shigar da DOI na littafin da suka fito daga ciki. Irin waɗannan ki bar su yadda suke. Zamansu a jerin ba ya cutar da komai, haɗe su ne ke jawo aiki.

Mu ɗauki maƙalarki mai kwafi uku. A ce na farko kin ja PDF ne kin jefa cikin Zotero, ya nemo bayanansa da kansa, kika yi jan layi a wurare 14. Na biyu ya shigo daga wani fayil na RIS, irin fayil ɗin da ake ɗauko bayanan manazarta da shi, sunayen marubutan a gajarce, ba DOI, amma yana da rubutu biyu da tag uku. Na uku kin ɗauko shi daga shafin mujallar da Zotero Connector, maɓallin Zotero da ke cikin burauza, bayanansa cikakku, ya zo da nasa PDF ɗin da ba a taɓa ba, kuma shi ne a cikin Word. Ki danna kowanne ki rubuta waɗannan alƙaluma a takarda. Da su za ki tantance daga baya.

Da kin danna ɗaya a Duplicate Items, sauran biyun za su zaɓu tare da shi. Idan kina son duba guda shi kaɗai, ki riƙe Alt a Windows ko Option a Mac sannan ki danna. Idan kuma ɗaya daga cikin ukun ba nasu ba ne, ki riƙe Ctrl ko Cmd ki danna shi ya fita. A dama za ki ga ranakun da aka shigar da kowane kwafi, a nan za ki zaɓi wanda zai zama uwa, wato wanda sauran za su narke a cikinsa.

Mutane da yawa sukan zaɓi kwafin da ke da PDF ko rubutu, suna tsoron kada su rasa su. Ba wannan ne ma'auni ba, domin waɗannan za su biyo ko wanne kika zaɓa. Ki zaɓi wanda jerin marubutansa ya fi inganci, a nan na uku ke nan, saboda marubuta suna zuwa ne a dunƙule daga uwar. Sauran gurabe kuwa, duk inda kwafin suka saɓa za ki ga ƙaramin maɓalli a gefen gurbin, ki danna ki ɗauki wanda kike so. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, musamman Date, Pages da Extra. Gurbin Extra ne aka fi mantawa da shi. A nan mutane ke ajiye shekarar bugun farko ko lambar PMID ta rumbun PubMed, kuma Zotero ba ya haɗa Extra biyu su zama ɗaya. Idan kowanne yana da abin da kike buƙata, ki kwafe na ɗayan zuwa na uwar kafin ki haɗe. Sai ki danna Merge 3 Items.

Wani lokaci maɓallin ba zai fito ba, sai saƙo cewa dole duka su zama iri ɗaya. Fayilolin RIS sukan shigo da maƙala a matsayin wani nau'i dabam, Document misali. Ki koma laburaren ki sauya Item Type na kwafin da bai dace ba zuwa Journal Article. Idan sauyin zai zubar da wani gurbi, Zotero zai nuna miki sunansa kafin ya aiwatar, ki kwafe abin da ke ciki in yana da amfani. Kwafin da Zotero bai gano ba kuma, saboda an rubuta taken da kuskure, ki zaɓe su da hannu a ko'ina cikin laburaren, ki danna dama, ki zaɓi Merge Items.

Batun PDF shi ne ya fi rikita mutane, domin tun daga Zotero 6 da ya fito a 2022, haɗewa tana taɓa fayilolin ma. Manhajar tana kwatanta su. Idan fayil ɗaya ne, ko rubutun cikinsu ɗaya ne, sai ta bar guda, ta ɗora masa jan layi da sharhin da aka yi a mai karanta PDF na Zotero, ɗayan ya tafi Trash. Saboda haka idan kin shiga da PDF biyu kin fito da ɗaya, kada hankalinki ya tashi. Ki buɗe shi ki ƙirga jan layin a gefen hagu: in 14 ɗin sun cika, ba abin da ya ɓata.

Idan kuma fayilolin sun bambanta, za ki tarar da su duka biyu a ƙarƙashin maƙalar, jan layinki yana kan wanda kika yi shi. Hakan daidai ne, domin Zotero yana riƙe kowane jan layi ne da lambar shafi da wurin da yake a shafin. Rubutun marubuci na kafin bugawa da bugun mujalla ba su da tsarin shafi ɗaya, in aka ɗauke launin daga wannan zuwa wancan zai sauka a kan layin da ba shi ba. To a nan ne hannu ke yin ɓarna: mutum ya ga PDF biyu, ya goge tsohon don ya fi muni, ashe duk karatunsa a kai yake. Kafin ki goge irin wannan, ki danna shi da dama ki zaɓi Add Note from Annotations, abin da kika ja wa layi ya koma rubutu mai zaman kansa. Ni dai shawarata a bar su biyun, a sauya wa tsohon suna. Haka kuma idan duka fayilolin suna ɗauke da alamomin da aka yi da wata manhaja kamar Adobe Acrobat, waɗanda ke cikin fayil ɗin kansa, Zotero yakan bar su duka.

Rubuce-rubuce ba a cuɗa su. Biyu kika shiga da su, biyu za ki gani, ko da abin da ke cikinsu ɗaya ne. Tag kuwa ana tara su wuri ɗaya, wanda ya maimaitu ya zama guda, sai dai "noma" da "Noma" tag biyu ne a wurin Zotero.

A Word, ki buɗe kundin ki danna Refresh na Zotero. Zotero yana riƙe tarihin cewa uwar ta maye gurbin sauran, don haka hujjar da kika kafa da kowane kwafi za ta koma kan uwar, maƙalar da ta fito sau biyu a manazarta ta zama ɗaya. Da gogewa kika yi, da hujjar ta yanke daga laburaren: za ta ci gaba da bayyana a kundin, amma gyaran da kika yi a Zotero ba zai ƙara isa gare ta ba. Duk wannan a cikin laburare ɗaya yake aiki. Kwafin da ke My Library da wanda ke laburaren haɗaka na ku da abokan karatu ba sa haɗuwa.

Idan kin haɗe abin da bai kamata ba, ki shiga Trash. Kwafin da aka narkar suna nan da bayanansu har kwana 30 bisa saitin asali. Ki danna wanda kike so da dama ki zaɓi Restore to Library. Zai dawo ba rubutu ba fayil, sai ki jawo nasa daga ƙarƙashin uwar ki mayar masa, ki cire wa uwar tag da rukunan da ba nata ba, sannan ki duba wuraren da kika kafa hujja da su biyun a Word. Kada ki danna Empty Trash sai kin gwada alƙaluman takardarki da abin da ke ƙarƙashin kowace maƙala da kika haɗe.