Jimillar kuɗi ta yi daidai, shin hakan na nufin ba a taɓa jadawalin ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu. Na shirya jadawalin mambobi 640 a Excel, da lambar rajista, suna, lambar asusu da kuɗin da za a biya kowa. Fayil ɗin ya zaga hannun mutum uku kafin ya dawo mini, kuma hankalina bai kwanta ba. Wani mai shagon kwamfuta ya ce tunda jimillar ba ta canza ba, in sa hannu kawai. Yaya zan gane gidajen jadawalin da aka canza?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ka sa hannu tukuna. Maganar da aka faɗa maka ita ce kuskuren da na fi cin karo da shi a wannan aiki, kuma yana ci mini rai domin masu yaɗa shi suna faɗarsa da cikakken tabbaci, alhali ba su ne za su tsaya gaban manoma ba ranar da kuɗin wani ya faɗa asusun wani. Jimilla lamba ɗaya ce da ta haɗiye lambobi 640, saboda haka duk canjin da aka yi masa kishiya ba ya bayyana a cikinta. A ce mamba mai lamba 0217 yana da naira 85,000, mai lamba 0452 kuma yana da 60,000, sai aka musanya musu. Jimilla ba za ta motsa ko da kwabo ba, amma an rage wa mutum ɗaya naira 25,000. A ce kuma an goge mai lamba 0105 da 70,000 ɗinsa, an saka wani baƙo a ƙasa da 70,000. Jimilla tana nan, adadin layuka ma yana nan 640, kuma wanda ya dogara da waɗannan biyun zai rantse cewa ba a taɓa komai ba.

Mafi muni shi ne ginshiƙin lambar asusu, wanda ba ya shiga lissafin jimilla sam. Mai son karkatar da kuɗi ba ya bukatar taɓa adadi ko suna, lambobi goma na asusu kawai zai sauya, kuma ko mutum mai gaskiya yana iya ɓata su da kuskuren yatsa. Ban ga dalilin da zai sa a ce wa mai riƙe da amanar mutane ya dubi gida ɗaya a ƙasan shafi ya yanke hukunci a kan gidaje 2,560 ba. Jimilla tana da amfani idan ta saɓa, domin a nan ta tabbatar maka an yi canji. Idan ta yi daidai, ba ta gaya maka komai ba.

Akwai kuma dabarar da wasu ke koyarwa ta kwatanta gida da takwaransa, wato `A2` na tsohon jadawali da `A2` na wanda ya dawo. Tana aiki ne kawai idan ba a goge layi ba, ba a ƙara ba, ba a kuma sake jera sunaye ba. Da zarar an cire 0105, duk wanda ke ƙasansa ya matsa sama da layi ɗaya, sai ka ga layuka fiye da 500 sun nuna bambanci, canjin gaskiya ya ɓace a cikinsu. Abin da ake yi shi ne a nemo kowane mutum da lambar rajistarsa, ko ina ya koma. Kada ka yi amfani da suna, domin ka fi ni sanin yawan masu suna Abubakar Muhammad a ƙungiyarku, ga kuma wani ya rubuta Ɗanladi wani ya rubuta Danladi.

Ka ajiye fayilolin asali gefe, ka buɗe sabon fayil mai shafi biyu, ka sa musu suna `Tsoho` da `Sabo`, ka kwafa jadawalinka na farko a `Tsoho`, wanda ya dawo maka kuma a `Sabo`, ginshiƙai a jere iri ɗaya: `A` lambar rajista, `B` suna, `C` asusu, `D` kuɗi. Kafin ka kwafa, ka cire duk tacewar da aka ɗora, wato Filter, ka bayyana layukan da aka ɓoye. Da farko ka tabbatar lambar rajista ba ta maimaitu ba a kowane shafi, ta hanyar rubuta `=COUNTIF(A:A,A2)` a wani ginshiƙi da babu komai ka ja shi ƙasa. Duk inda ka ga 2 ko fiye, ka warware shi kafin ka ci gaba, domin fomular nema tana tsayawa ne a kan na farkon da ta samu, na biyun kuma ba za ta duba shi ba. Daga nan, a `E2` na shafin `Sabo` ka rubuta:

```
=IFERROR(MATCH(A2,Tsoho!A:A,0),"babu")
```

Wannan zai ba ka lambar layin da mutumin yake a tsohon shafi, kuma duk inda ya rubuta "babu", wannan sabon shiga ne. Dole ka maimaita shi a shafin `Tsoho`, ka mayar da `Tsoho!A:A` ya zama `Sabo!A:A`, domin ta nan kaɗai za ka ga waɗanda aka goge. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, kuma wanda aka cire sunansa ba zai taɓa bayyana a sabon shafi ya kai ƙara ba. Sai ka koma `F2` na `Sabo`:

```
=IF($E2="babu","",IF(EXACT(B2,INDEX(Tsoho!B:B,$E2)),"","da can: "&INDEX(Tsoho!B:B,$E2)))
```

Ka ja shi dama zuwa `H`, sannan ƙasa har ƙarshen jadawalin. Ginshiƙin `F` yana duba suna, `G` asusu, `H` kuɗi. Gidan da bai canza ba zai zauna fayau, wanda ya canza kuma zai nuna abin da ke cikinsa a da, kamar yadda layin 0217 zai nuna "da can: 85000" a gefen 60,000 na yanzu. Na zaɓi `EXACT` ne domin alamar `=` ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami.

Kafin ka yarda da sakamakon, ka gwada shi: ka sauya lamba ɗaya da gangan a asusun wani, ka ga ko `G` ta kama, sannan ka mayar. Idan ba ta kama ba, akwai kuskure a fomularka, mai yiwuwa ka manta alamar `$`. Idan kuwa ka ga kusan kowa ya fito "babu", ka duba ko 0217 ya koma 217 a shafi ɗaya. Excel yana zubar da sifilin farko idan ya ɗauki gida a matsayin lamba, kuma `MATCH` ba ya haɗa lamba da rubutu. Haka ma asusun da ya fara da sifili zai dawo da lambobi tara, wanda `=LEN(C2)` zai nuna maka. Sunan da aka ce ya canza alhali ido yana ganinsa iri ɗaya, galibi tazara ce ta maƙale a ƙarshensa, kuma `TRIM` yana cire ta.

Wannan aiki yana gaya maka abin da ya canza, amma ba ya gaya maka wanda ya canza shi ko dalilinsa, don haka kada ka fita da zargi a baki. Wataƙila manomi ne ya sauya banki ya sanar da ma'aji, kai ba ka ji ba. Ka buga jerin bambance-bambancen a takarda, ka kai gaban shugabanni, kuma duk asusun da ya canza a kira mai shi a lambar wayar da kuke da ita tun da, a tabbatar daga bakinsa kafin a tura jadawalin banki.