Tambarin gindin kofi, ya ake karanta shi?

Maigida barka da yamma. Na tsinci kofin tangaran da ɗan farantinsa a kayan gwanjon jiya, a gindin kofin akwai zaki a kan kambin sarauta, an rubuta Royal Doulton da Made in England, ga wani ɗan 9 a gefe, farantin kuma yana da Rd No da lambobi. Wani dillali yace sun kai shekara 200 wai kamfanin tun 1815 yake. Gaskiya ne?

To yaro na, dillalin nan ya faɗi rabin gaskiya ne ya haɗiye rabi. Eh kamfanin ya fara a 1815 a Landan, amma shekarun kamfani daban shekarun kofi daban, ai ba don kakanka ya shekara 90 kai ma ka zama tsoho ba. Abin da nake so ya zauna maka a kai shine kowace kalma a gindin nan tana da lokacin da aka fara buga ta, kuma kofi ba zai girmi kalmar da ta fi ƙuruciya a jikinsa ba. Ita kake nema, autar.

Fara da Royal ɗin. Sai 1901 Sarki Edward na 7 ya ba su izinin sa wannan kalma, zakin da kambin kuma suka biyo baya wajen 1902, kaga tun a nan shekara 200 ta ruguje. Sai sunan ƙasa. Amurka ce ta yi doka a 1890 cewa duk kayan da za a shigo mata da shi sai an rubuta ƙasar da aka yi shi, shi yasa daga 1891 masana'antun Ingila suka dinga buga England. Cikakken Made in England kuma yawanci sai bayan 1920 ya yawaita. Amma kula, kar ka juya maganar, in baka ga England ba ba lallai kayan ya girmi 1891 ba, wanda aka yi don sayarwa a gida sau da yawa ba a damu a sa ba, nan ne yara da yawa ke cin kansu suna murna.

Yanzu ɗan 9 ɗin nan, shine naman miyar. Daga 1928 Doulton sun riƙa sa ƙaramar lamba kusa da kambin, 1 na nufin 1928, 2 na nufin 1929, haka har cikin shekarun 1950, wato ka ɗora lambar a kan 1927. Naka 1927 da 9, 1936 kenan, kuma ya dace da sauran, babu kalmar da ta ƙaryata ƴar uwarta. Masana'antar kuma ta Burslem ce a Stoke-on-Trent, a wancan lokacin can suke yin kayan shayi, ba Landan ba. Sai dai ka duba da kyau 9 ɗin bugawa aka yi da kala ɗaya da tambarin ko da hannu aka ja shi da burushi, don masu fenti da masu shafa ruwan zinari suma suna sa ƴar lambarsu ta lissafin aiki, wannan ba shekara bace. Lamba mai harafi a gaba kamar H ko V ita kuma ta zanen furen ce.

Rd No ɗin farantin kar ya ruɗe ka. An fara shi 1884, kuma shekarar da aka yi wa fasalin rajista yake nunawa, ba ranar da aka gasa naka ba, fasali ɗaya sai a shekara 30 ana yinsa. Kuma ka karanta gindin farantin shi kaɗai kamar baka san kofin ba, a gwanjo auren dole ake musu, kofin gidan wani farantin gidan wani, in tambarin bai zo ɗaya ba kuɗin ya sauka.

Kafin ka sa farashi ɗaga kofin ka haska tocilan waya daga ciki, tangaran na ƙwarai zaka ga inuwar yatsanka ta baya. Karkata hasken a gindin ma, wani lokaci akwai lambar da aka danna cikin yumɓun tun yana ɗanye, ido baya ganinta sai da inuwa. Ƙwanƙwasa bakinsa da farce, in ya yi ƙara siririya mai ja lafiya lau, in ya yi dum akwai tsaga ko da baka ganta ba. Gobe kazo min da su shago, ka naɗe kowanne daban a jarida kar su gogi juna a Keke.