Yadda ake ɗaukar sautin wata manhaja a Audacity

Tambaya: Ina Kaduna, ina so in ɗauki karatun malaminmu da ake yi ta Zoom a Audacity, amma makirfo na kwaso ƙarar janareta. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, makirfo ba shi da aiki a nan, sauke VB-CABLE kawai. Manhaja ce mai aiki kamar wayar sauti ta cikin kwamfuta, ba a ganinta, bakinta biyu. Ka girka ta da Run as administrator, ka kashe kwamfutar ka kunna.

A Zoom, wajen Speaker, zaɓi CABLE Input. A Audacity kuma na'urar ɗauka ta zama CABLE Output. Nan ne mutane ke rikicewa wallahi, ni ma na sha, ka dai riƙe cewa sauti ta Input yake shiga, ta Output yake fita.

Za ka ji shiru, kar hankalinka ya tashi, sautin na cikin VB-CABLE ne, duba mitar Audacity za ka ga kore na motsi. In kana son ji, danna Windows+R ka rubuta mmsys.cpl don buɗe saitin sauti, sai Recording, CABLE Output, Properties, Listen, ka kunna Listen to this device ka zaɓi iyafis ɗinka.

In muryar na ƙaraf-ƙaraf, duba Advanced a Properties na CABLE Input da CABLE Output a wannan mmsys.cpl ɗin, su zama 48000 Hz duka, har Audacity. Kuma ka nemi izinin malam kafin ka ɗauka.