Ratsin rawaya da baƙi a gefen Row

"Na sa Icon da dogon Text cikin Row, sai ratsin rawaya da baƙi ya fito a dama. Ina matsalar?"

Ɗan'uwa, Text ɗinka ba shi da laifi. A Flutter, uwa ce ke gaya wa ɗanta iyakar faɗin da zai ci, ɗan ya zaɓi girmansa, sannan ta ajiye shi. To Row ba ya sa wa 'ya'yansa iyaka ta faɗi. Shi ya sa Text ya miƙe a layi ɗaya. A ce faɗin allonka 360 ne, Icon ya ci 24, rubutun na son 400: ka ga 64 sun yi waje, adadin da saƙon kuskuren zai nuna ke nan. Maganin shi ne ka sa Text ɗin cikin Expanded:

```dart
Expanded(child: Text(bayani))
```

Expanded zai ba shi ragowar 336 kawai, dole ya karya layi. Don Allah kar ka rage girman rubutu, a ƙaramar waya ratsin zai dawo.